Manhajar asibitinmu tana aiki, amma matakan farashinta ba su dace da ƙaramin asibiti ba

Ni ke kula da gudanarwa da lissafin kuɗi a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a gefen birnin Kano, mai gado takwas da ɗakin haihuwa guda. Mun bar fayil na takarda mun koma wata manhaja ta wani kamfanin gida, wadda ake biya wata-wata. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba. Manhajar kanta na gamsu da ita: ba ta da nauyi, kashiyarmu ta iya ta ba tare da wahala ba, kuma neman katin majinyaci da a da yake cin minti goma yanzu ƙiftawar ido ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda suka tsara matakan farashinsu, domin a nan ne na ga wanda ya zana tsarin bai taɓa kwana a asibiti irin namu ba.

Matakai uku ne. Na ƙasa naira 15,000 a wata, mutum uku ne kawai za su sami asusun shiga, katin majinyata kuma ba zai wuce 500 ba. Na tsakiya naira 45,000, da asusu goma, da kati 5,000, da rasit da sakamakon ɗakin gwaji, kuma kowane ƙarin asusu naira 5,000. Na sama naira 120,000, babu iyaka a asusu ko kati, kuma a can kaɗai aka ajiye lissafin ɗakin magani da tura takardun neman kuɗin inshora, tare da haɗa rassa.

Mun fara da na ƙasa, kamar yadda duk mai taka tsantsan da kuɗi zai yi. Matsalar farko ita ce ƙidayar mutane. Asibitin da ke kwantar da majinyata ba ya rufewa, saboda haka ko yaya ƙanƙantarsa ma'aikatansa suna da yawa. Mu goma sha biyu ne: likita mai asibitin, likitan da ke zuwa da yamma, nas-nas da ma'aikatan lafiya biyar da ke karɓa-karɓar diyuti, mai kati, kashiya, mai ba da magani, mai gwaji, da ni. Amma kwamfuta huɗu ce a ginin gaba ɗaya, kuma da daddare mutum biyu ne a bakin aiki. Idan aka ce asusu uku, abin da zai faru a bayyane yake: asusu ɗaya na likitoci, ɗaya na gaba, ɗaya na ɗakin kwanciya, da kalmar sirri a rubuce a takarda an liƙa ta a ƙasan allon kwamfuta.

Illar wannan ta fito ranar da likita ya buɗe bayanan wani yaro da aka kwantar da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Allurar atesunet, maganin irin wannan zazzaɓi, ana yin ta ne da zarar an kwantar, sannan bayan awa 12, sannan a awa ta 24. A manhaja an nuna an yi masa allura ta biyu da ƙarfe biyun dare, amma mahaifiyar yaron ta ce ba wanda ya taɓa shi sai bayan asuba. Likita ya ce da ni, "Malam, duba mana waye ya shigar da wannan." Na duba, sunan da ke wurin shi ne na asusun ɗakin kwanciya, wanda mutum biyar ke amfani da shi. Sai da aka koma littafin diyuti na takarda aka yi ta tambaya. Yaron ya warke, alhamdu lillahi, amma babban amfanin barin takarda shi ne sanin wanda ya rubuta me, a wane lokaci, kuma tsarin farashin ne da kansa ya kashe wannan amfani. Ga kuma dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Kamfanin da ke sayar wa asibiti manhaja bai kamata ya mayar da raba kalmar sirri hanyar rage kuɗi ba.

Ƙidayar kati ma haka. Kati 500 ɗin nan tarawa ake yi tun daga ranar farko, ba ya raguwa. A unguwa irin tamu mutane da yawa zuwa ɗaya suke yi: baƙon da ya zo biki ya kamu da gudawa, ɗan acaɓan da aka ɗinke wa ƙafa, ba za ka sake ganinsu ba, amma katinsu yana nan yana cin gurbi. Sannan a tsarin takarda muna da katin iyali, fayil ɗaya na maigida da matansa da yara. Manhaja ta ware wa kowa nasa, kuma ta fuskar aikin likita hakan ne daidai, sai dai gida ɗaya yana iya cinye gurbi goma sha biyar. Damina ta sauka, zazzaɓi ya yi yawa daga Agusta, muka cika 500 wata Juma'a da yamma. Manhajar ta ƙi buɗe sabon kati ƙememe, ga mace da naƙuda a tsaye a gaban mai kati. Aka rubuta ta a takarda. Iyaka irin wannan ya kamata ta zo da gargaɗi tun ana kashi 80 cikin ɗari, kuma in an cika a bar aiki ya ci gaba, a turo da lissafi daga baya. Rufe ƙofar rajista a asibiti ba ƙaramin abu ba ne.

Muka koma na tsakiya, kowa ya sami asusunsa. Ga abin da muke biya: 45,000 da ƙarin asusu biyu 10,000, ya zama 55,000. Harajin sayayya na kashi 7.5 cikin ɗari ya ƙara 4,125, jimla 59,125. Harajin nan ba a rubuta shi a takardar farashi ba, sai a takardar biya muka gan shi, kuma gara a faɗa tun farko. Muna ganin majinyata wajen 600 a wata idan aka daidaita rani da damina, wato manhajar tana cin kusan naira 100 a kowane zuwa. Wannan kuɗi ne da asibiti zai iya ɗauka, ban da ƙorafi a kansa.

Ƙorafina yana kan ɗakin magani. Duk wanda ya riƙe lissafin ƙaramin asibiti ya san kuɗin ganin likita ba shi ke biyan albashi ba, magani da ruwan ƙari da gwaji ne. A nan kuma kuɗi ke zurarewa: kwalin da ya lalace a bayan kanta ba a lura ba, allurar da aka fitar ba a rubuta ba, maganin da aka sayo da tsada ana sayarwa a tsohon farashi. Abin da muka fi bukata shi ne manhaja ta rage adadin kaya da kanta duk lokacin da aka ba da magani, ta kuma yi gargaɗi in wa'adinsa ya kusa. Amma an kai wannan mataki na sama, an ɗaure shi da haɗa rassa, mu da ba mu da reshe ko ɗaya. Na sama da haraji 129,000 ne, naira 215 a kowane zuwa. Bambancin kusan 70,000 ne a wata, wajen 840,000 a shekara, saboda abu biyu kacal. Kamar ka je sayen taya ne a ce sai ka haɗa da motar. Har yanzu lissafin maganinmu a Excel yake, ana shigar da abu ɗaya sau biyu, kuma ƙarshen wata sai an zauna an daidaita.

Batun inshora ma an gina shi ne a kan tsohon zato cewa manyan asibitoci kaɗai ke karɓar masu inshora. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, kuma jihohi, har da Kano, suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya nasu. Ƙananan asibitoci suna da irin waɗannan majinyata, kuma su ne ba su da ma'aikaci na musamman da zai zauna cike takardu.

Dole in faɗi inda suka yi daidai, kuma ba ƙananan wurare ba ne. Farashinsu da naira yake. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024 ya san darajar wannan, domin masu biyan manhajar waje sun ga kuɗinsu ya ninka sau uku ba a ƙara musu komai ba. Yin aiki in intanet ta ɗauke, da tura bayanan in ta dawo, yana cikin kowane mataki. Haka ajiyar kwafin bayanai kullum, haka sauke bayananka a fayil ɗin CSV, wanda Excel ke buɗewa, duk lokacin da ka so, kyauta. Idan biya ya makara suna ba da kwana bakwai, bayan nan ana iya karanta tsofaffin bayanai ko da ba a iya shigar da sabo. Wannan adalci ne, don tarihin ciwon mutum ba abin riƙewa jingina ba ne. Kuɗin girkawa da horar da ma'aikata da suka karɓa sau ɗaya ma ban ga laifinsa ba: matashin da suka turo ya zauna da nas-nas ɗinmu yana bayani da Hausa har suka gane, kuma na san ainihin abin da ke ci wa kamfani kuɗi shi ne irin wannan hidima da amsa waya, ba wurin ajiye kati ba.

Da ni za a tambaya, ma'aunin da ya dace shi ne yawan zuwan majinyata a wata, domin shi ke tafiya da kuɗin shiga. Asusu kuwa a sake shi, kowa ya sami nasa a kowane mataki. Amma kada a ce a biya kan kowane zuwa ɗaya-ɗaya, don hakan zai sa a fara ƙin shigar da wanda ya dawo wankin ciwo ko awon jini, bayanai su yi giɓi. A yi zango-zango: har 300, har 1,000, sai abin da ya haura. A kuma ɗauki matsakaicin wata uku, kada watan Satumba kaɗai ya tura asibiti mataki na gaba, alhali da rani dogon benci babu kowa. Ɗakin magani da inshora a cire su a sayar daban. Idan aka ce magani 15,000, inshora 10,000, a kan 45,000 na tsakiya ba tare da kuɗin ƙarin asusu ba, zan biya 70,000 kafin haraji da daɗin rai. Yanzu 55,000 suke samu a wurina, kuma ba zan taɓa kaiwa 120,000 ba, wato su ma suna asarar 15,000 duk wata a kan asibiti ɗaya.

Sun yi mana tayin biyan shekara da rangwamen wata biyu. Na shawarci likita mu ci gaba da biyan wata-wata, domin takardar yarjejeniyar ba ta faɗi ko za a maido da ragowar kuɗi in mun bari ba, ba ta kuma faɗi sanarwar kwana nawa za su bayar kafin ƙarin farashi ba. Na rubuta musu a kan waɗannan biyun da batun ɗakin magani, sun amsa cewa suna duba tsarin. Idan suka sa su a rubuce, za mu biya shekarar.