Manhajar lissafin shago da na saya, ashe shafin intanet ne aka sa wa riga

Wata uku ke nan ina amfani da manhajar nan ta rubuta ciniki da bashi a shagona na atamfa a Kantin Kwari. Da farko na yaba, don ta raba ni da littafin bashin nan da yara ke zubar wa shayi. Wanda ya tallata mini ita har rantsuwa ya yi cewa ko babu data tana aiki, shi ya sa ban yi jayayya ba na biya kuɗin shekara.

Tun ranar biyan ya kamata in farga. Kuɗi na fita sai ta rubuto `You may now close this window`. Na juya waya sama da ƙasa, wace taga kuma? Taga ai a kwamfuta take, inda ake buɗe abubuwa gefe da gefe a rufe su da alamar X. Na share. Bayan nan kullum in ina adana ciniki sai ta ce `Do not refresh this page`, wato kada in sabunta wannan shafi, alhali babu maɓallin sabuntawa ko ɗaya a jikinta.

Ana saura kwana biyu Sallah, shago cike, sabis ya ɗauke. Wata Hajiya ta zo rage bashinta, na buɗe manhaja, sai farin allo da `Webpage not available`. Tana tsaye tana cewa dubu arba'in ne, ni ina tuna sittin, ba ni da abin nunawa. Haka na karɓi arba'in ɗin ina zufa.

Da dare ƙanena da ke gyaran waya ya karɓi wayata, ya sa ta a yanayin jirgin sama, ya sake buɗewa. Ga abin da ya fito a ƙasan saƙon:

```
net::ERR_INTERNET_DISCONNECTED
```

Ya ce, "Yaya, wannan saƙon burauza ne. Shafinsu na intanet suka naɗe da WebView, wato burauzar da ake sawa a cikin manhaja, suka ba ka a matsayin manhaja, lissafinka ma ba a wayarka yake ba." Ya nuna mini cewa wadda aka gina don waya yawanci `this app` ko `this screen` take kiran kanta, mai cewa `this page` kuwa daga gidan burauza ta fito. Ya dai ja kunnena cewa alama ce kawai, don ko manhajar kirki takan buɗe shafin banki wajen biyan kuɗi, a ga `this page` a nan. Amma idan a ko'ina haka take magana, a gwada ta babu data kafin a biya.

Gaskiya in akwai sabis ba ta da laifi, lissafinta daidai, har na so in ba ta tauraro uku. Sai na tuna na rubuta musu ƙorafi, amsar da suka turo ita ce in "sabunta shafin". Su da bakinsu shafi suke ce mata! Tauraro biyu, kuma littafin bashina ya dawo kan kanta.