Shimfiɗar kwalta a kan dal: yadda ta kasance a gidanmu na Garwa

Gidanmu yana unguwar Yelwa a Garwa, rufinsa dal ne na kankare, mita 10 a tsayi, mita 8 a faɗi, da ƴar katangar rawani kewaye da shi da tankin ruwa a kusurwa ɗaya. Yoyo ya dame mu har fentin ɗakin tsakiya ya fara zubowa, shi ya sa na kira mai aikin shimfiɗar kwalta, irin wadda ake naɗowa ana manna ta da wutar gas. Aikin ya ga damina, ya ga zafin bazara, don haka yanzu ina da abin faɗi a kansa. Na gamsu, kuma zan sake ba wannan mutumin aiki. Amma abin da ya tsayar da yoyon, a ganina, rabinsa gangarar da aka yi wa rufin ne kafin a kawo naɗi ko ɗaya.

Da ya hau sama bai tambayi kuɗi ba tukuna. Ya sa yaronsa ya kwara bokitan ruwa, muka tsaya muna kallo. Ruwan ya taru a tsakiya ya kwanta, indararo biyun da ke gefe ko ɗigo ba su samu ba. Ya ce mini: "Alhaji, kwalta tana hana ruwa shiga, amma ba ta kore shi. In na shimfiɗa a haka, tafki zan gina muku." Ruwa mai zurfin santimita 1 a kan murabba'in mita ɗaya lita 10 ne, wato kilo 10, kuma yana zaune ne a kan gaɓoɓin shimfiɗar yana neman inda wuta ba ta kama sosai ba. A Garwa, inda ruwan shekara yake kai wajen milimita 1,000 kuma mafi yawansa yana sauka kamar da bakin ƙwarya tsakanin Yuli da Satumba, rufin da ba ya zubar da ruwansa da sauri ba ya samun damar bushewa.

Lissafin gangarar shi ne ya fi burge ni. Ya ce santimita 2 yake so a kowace mita, domin hannun magini da lotsawar dal sukan cinye wani abu daga ciki, abin da ya rage kuma dole ya isa ya tura ruwa. Da a ce gefe guda za a karkata rufin, faɗin mita 8 zai buƙaci bambancin santimita 16. In aka haɗa da santimita 3 na mafi ƙarancin kaurin daɓe, bakin sama zai kai santimita 19. Daɓen siminti da yashi kuwa kowace santimita tana da nauyin kusan kilo 20 a murabba'in mita, ke nan a matsakaici an ɗora wa dal wajen kilo 220 a kowane murabba'i, nauyin da ba da shi aka lissafa ƙarafunansa ba. Sai ya raba rufin biyu, ya yi doro a tsakiya, kowane ɓangare mita 4. Doron ya tsaya a santimita 11, bakin ƙasa a 3, nauyin ya sauko wajen kilo 140. Wannan ya sa aka huda rawani a ɗaya gefen aka ƙara indararo biyu. Da tiyon ruwa ya ɗauki awon, ya ja igiyoyi, magini ya bi su. A inda daɓe ya haɗu da rawani kuma aka cike lungun da siminti a karkace, kamar santimita 5, don kada shimfiɗar ta karye a kusurwa.

Daga nan sai jira, kuma a nan muka ɗan ja da shi, don ni ina ganin a zafin Garwa daɓe ya bushe tun a makon farko. Ya ƙi. Ya manna leda a kan daɓen da yamma, da safe muka ɗaga muka ga gumi a ƙarƙashinta. Saman ya bushe, cikin bai bushe ba. In aka rufe wannan danshin da kwalta, rana ta watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a inuwa, za ta mai da shi tururi ya kumbura shimfiɗar. Sai da aka yi kusan wata guda, leda ta kwana a bushe, sannan ya share ƙura ya shafa ruwan kwalta na share fage ya bar shi ya sha iska.

Shimfiɗar kanta hawa biyu ce. Kowane naɗi mita 1 ne a faɗi, mita 10 a tsayi, ta ƙasa mai kaurin milimita 3, ta sama milimita 4 mai ɓarɓashin dutse a fuska don kare ta daga rana. Ya zaɓi mai alamar APP a jikin takardar, ya ce ta fi mai SBS jure zafi, ita waccan ta fi amfani a ƙasashen sanyi. Daga bakin indararo suka fara suna hawa zuwa doro, yadda kowane naɗi na sama zai hau kan na ƙasa, ruwa ya bi ta kan gaɓa ya wuce. Hawan gefe santimita 10, na ƙarshen naɗi 15, kuma gaɓoɓin hawa na biyu ba su faɗa kan na farko ba. Ya nuna mini yadda ake gane gaɓa ta kama: sai ka ga siririn layin kwalta ya ɓullo a bakinta. A jikin rawani an ɗaga shimfiɗar sama da santimita 15, aka cusa bakinta cikin tsagi aka toshe. Naɗi 22 suka tafi, alhali in ka raba murabba'i 80 da 10, ka ninka sau biyu saboda hawa biyun, za ka zaci 16 sun isa. Hawan gaɓa da rawani ne suka cinye sauran, kuma duk wanda ya yi maka lissafin 16 akwai inda zai rage.

Tankin lita 1,000 ne, in ya cika tan guda ke nan. Ba a mayar da shi kan kwalta kai tsaye ba, don da zafi nauyinsa zai nutsa ciki. An shimfiɗa ƙarin yanki, aka zuba ɗan dandamalin kankare a kai, aka kuma kai bututun ambaliyarsa har bakin indararo.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Da aka toshe indararo aka tara ruwa kwana biyu don gwaji, babu yoyo, amma da aka buɗe, ruwa ya maƙale a bakin ɗaya daga cikin sababbin. Hawa-hawan shimfiɗa da aka tara a wurin ya yi tudu, ya zama ɗan dakali a gaban ramin. Kamata ya yi a ƙwaƙule daɓen bakin indararo ya yi ƙasa da sauran da santimita 1 ko 2 tun farko. Na ce masa: "Malam, wannan fa ba za mu bar shi ba." Bai yi gardama ba, ya yanke wurin ya gyara a kuɗinsa. Haka kuma bayan bazara wani ƙulli ya taso kusa da tanki, ya dawo ya tsaga shi a gicciye, ya bar shi ya bushe, ya manne, ya ɗora faci.

Aikin ba shi da araha, daɓen kaɗai ya ci siminti da yashi masu yawa, kuma lokacinsa rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris, kafin hadari ya fara haɗuwa. Abin da ya rage a wuyanmu shi ne share ƙurar hunturu da ganyen dogon yaro daga bakin indararo kafin ruwan farko, da hana masu kafa faifan tauraron ɗan'adam huda shimfiɗar da ƙusa.