Tusar jaki ce ko kanta? Ki gwada matsawa kafin ki sayi magani

"Jama'a don Allah a taimaka, wani abu ne mai tauri ya fito min a tafin ƙafa wajen wata uku kenan, yanzu har wani ƙarami ya fito a gefensa, in na taka kamar na taka tsakuwa. Wasu sun ce kanta ce wasu sun ce tusar jaki. Yarona ma yana da irinsa a ɗan yatsan hannu. Filastar kanta zan saya ko maganin ɗigawa?"

Sannu 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai tun da kika ce wani ƙarami ya fito a gefe raina ya ba ni tusar jaki ce, don kanta ba ta haihuwa, inda takalmi ko ƙashi ke matsar fata nan take zama abinta. Ga kuma yaro da irinsa a hannu, shi kuwa wane takalmi ne ke matse masa yatsan hannu? Amma kar ki tsaya a maganata, ki duba da kanki yau da daddare, ba zai ci miki minti goma sha biyar ba.

Ki jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi kamar minti 10, ki goge ta bushe, sai ki haska fitilar waya a wurin ki kawo ido kusa. Abu na farko ki kalli zanen fatar, kin san tafin ƙafa ma yana da siraran layuka irin na ɗan yatsan da ake dangwale da shi. In layukan sun bi ta saman abin sun wuce kamar ba komai, fatarki ce kawai ta yi kauri, wato kanta. In kuwa sun zo bakin abin sun katse ko sun kewaye shi, saman kuma yana da kaushi kamar an tattara 'yan ƙananan tsiro wuri guda, to wannan tusar jaki ce. Na biyu ki nemi 'yan ɗigo baƙaƙe ko masu ruwan ƙasa a ciki, kamar an yayyafa ƙasa. Mutane suna cewa wai 'ya'yanta ne ko saiwarta, a'a, ƙananan jijiyoyin jini ne da jini ya daskare a bakinsu. Kanta ba ta da su, ita abin da za ki gani a tsakiyarta wata 'yar ƙwaya ce guda ɗaya mai tauri mai ɗan sheƙi kamar busasshen ƙaro. Wani lokacin ɗigon ba ya fitowa sai an ɗan goge matacciyar fatar sama, don haka rashin ganinsu a karon farko ba shi ne hukunci ba. Na uku, wanda ni na fi yarda da shi: ki danna abin kai tsaye da babban yatsa, sannan ki kama shi gefe da gefe ki matsa kamar za ki mintsine shi. Wadda ta fi ciwo in an danna daga sama kanta ce, saboda ƙwayar nan ce ke sukar naman ciki kamar ƙusa. Wadda ta fi ciwo in an mintsina tusar jaki ce.

Ni sai da na sha wuya na koyi wannan. Tawa a ƙarƙashin ƙafar hagu ta fito, kusa da tsakiyar tafi, na rantse kanta ce, na dinga fere ta da reza duk sati. Ran nan na ɗan zurfafa sai ga jini yana tsattsafowa ɗigo ɗigo daga wurare da yawa, ban ma gane alama ce ba, na ɗaure na cigaba da harkata. Kafin wata biyu ɗaya ta zama uku, har da wata a gefen farcen hannun da nake ɓantararta da shi. Da na je asibiti likitar kallo ɗaya ta yi ta ce ai ni na shuka su da kaina. Ita ta fahimtar da ni cewa bairos ne da ake kira HPV ke kawo ta, yana shiga ta 'yar tsaga ko ƙujewar fata, musamman fatar da ta jiƙa ta yi laushi, kuma yana iya yin watanni a ciki kafin a ga komai, shi ya sa mutum ba ya sanin inda ya kwaso. Ta ƙafa tana kwanciya ne ta shige ciki saboda nauyin jiki na danne ta, fata mai kauri ta rufe ta, sai ta yi kama da kanta sak, ta hannu kuwa tana tasowa sama a gane ta da wuri.

Abin da ta sa na saya maganin ɗigawa ne mai salisilik asid kashi 17 cikin ɗari, 'yar kwalba ƙarama, wallahi har yau ina sa wa kwalbar nan albarka. Kullum da daddare in jiƙa ƙafa minti 5 zuwa 10, in goge ta bushe sosai, in goga abin goge farce na kwali a saman a hankali har farin da ya mutu ya zube, da na ji zafi ko na ga alamar ja in tsaya. Sai in shafa basilin a lafiyayyar fatar da ke kewaye, in ɗiga maganin a kan abin kaɗai, in bari ya bushe, in rufe da filasta in kwanta. Sati biyun farko na kusa jefar da shi don wurin fari kawai ya yi kamar ma ya ƙara girma, ashe aikin kenan, a hankali yake cin fatar. Wajen sati na biyar na yi zalama na lafta da yawa don ya yi sauri, gefen ya yi ja yana raɗaɗi, dole na huta kwana uku sannan na dawo. A sati na tara na duba da fitila, ɗigon nan babu ko ɗaya kuma zanen fata ya dawo ya ratsa wurin, nan na san ta mutu. Ki riƙe wannan alamar don da yawa suna dainawa da zarar ciwon ya tafi alhali da saura, bayan wata ɗaya ta dawo su ce maganin ba shi da kyau. Ana iya kaiwa sati 12 ana yi, in an kai nan ba canji sai asibiti, can suna daskarar da ita da wani ruwa mai tsananin sanyi, shi ma ba lallai sau ɗaya ya isa ba, akan maimaita bayan sati biyu ko uku, kuma da zafi.

Abin goge farcen nan kar ya taɓa wani wuri a jikinki, kar kowa ya ara, in ya tsufa ki yar. Tawul ɗin ƙafa daban, safa daban, silifas a banɗaki, ki wanke hannu duk lokacin da kika taɓa.

Kanta kuwa ba ni da wani dogon labari a kanta sai takaici. Wani takalmi mai tsinin baki na saya don kyau, ya fito min da ita a gefen ƙaramin yatsa, na bi shi da filastar kanta wadda ita ma asarar kuɗi ce, ta zame cikin takalmi ta cinye min lafiyayyar fata, kantar kuma ta dawo bayan 'yan satuttuka tunda ban daina sa takalmin ba. Ranar da na kyautar da shi matsalar ta fara mutuwa. Ita ba ƙwayar cuta ba ce, ba a ɗauka ba a shafa wa kowa. Takalmi mai faɗin gaba, jiƙawa, goga dutsen goge ƙafa a hankali, man shafawa mai laushi da fata, da ɗan soson nan mai rami a tsakiya wanda ba magani a jikinsa don ya ɗauke matsi, shi kenan. Wadda ke fitowa tsakanin yatsu, fara mai laushi saboda gumi, a riƙa busar da wurin a sa abin raba yatsu. In tana dawowa duk da an canza takalmi to a duba ƙashin ƙafar ko yanayin takun mutum.

Ba ki tambaya ba amma bari in faɗa miki, ki kiyayi masu tallar ruwan nan a kwalba ba suna ba rubutun abin da ke ciki, su ce miki dare ɗaya zai cire ta har saiwa, su nuna miki hoton kafin da bayan wanda ba ki san ƙafar waye ba. Duk abin da zai cinye tusar jaki a dare ɗaya zai cinye naman da ke ƙarƙashinta, ki tashi da gyambo a tafin ƙafa, ga tabon da kan yi tudu ya fi abin da kika cire muni. Wasu kuma duk abin da kika nuna musu amsarsu ɗaya ce, abin da ke kan teburinsu shi ne maganinsa. Ki karanta kwalin da kanki, ki ga sunan sinadarin da yawan kashinsa da ranar lalacewa. Filastar kanta mai magani ma salisilik asid ɗin ne dai a cikinta, sau da yawa kashi 40, ba wani sirri ba ne daban. Reza, allura, ƙonawa da wuta, ruwan batir, duk ki bar su, na riga na yi miki gwajin reza.

Sai dai fa duk wannan bayanin bai shafe ki ba in kina da ciwon suga, ko ƙafarki na yin dindiris ba kya jin taɓi sosai, ko jini ba ya zagaya ƙafar yadda ya kamata, ko garkuwar jikinki ta yi rauni. Mai irin wannan ba ta sa asid a ƙafa ba ta goge komai da kanta, ƙaramin rauni na iya zama gyambon da zai ƙi warkewa, asibiti kai tsaye. Ba a sa shi a fuska ko a al'aura ko kan tawadar Allah ko fatar da ta fashe, mai ciki kuma ta tambayi likita tukuna. Haka in abin yana zubar da jini ba tare da an taɓa shi ba, ko yana girma da sauri, ko baƙi ne shimfiɗaɗɗe mai karkataccen gefe ba 'yan ɗigo ba, ko ya zama ciwon da ya ƙi rufewa, kar ki ɗiga masa komai, akwai kansar fata da ke fitowa a tafin ƙafa har ga masu baƙar fata kuma tana iya yaudarar ido. Ja mai yaɗuwa, kumburi, mugunya, su ma na likita ne.

In kin yi gwajin nan kin ga ɗigon kuma mintsini ya fi ciwo, kuma ba kya cikin waɗanda na lissafa, maganin ɗigawa za ki saya, ki manta da filastar. Na yaron kuwa in ba ya masa ciwo ba kuma yaɗuwa yake ba, ni da zan bar shi, na yara kusan biyu cikin uku suna ɓacewa da kansu cikin shekara 2, na manya ne ke da taurin kai. Ki dai rufe masa da filasta mara magani don ya daina ɓantara, ki hana shi cizon farce ko sa yatsan a baki don tana iya komawa leɓe, kuma ki ware masa nasa abin yanke farce. In ƙarami ne sosai kar ki ɗiga masa naki sai likita ya gani.