Sharhi kan ImageMagick: yadda na sauya tambari a hotunan buhunan shinkafa

Ni nake kula da hotunan talla na wani ƙaramin kamfanin casar shinkafa a Birnin Kebbi, kuma da maigidan ya sauya tambarin kamfanin bayan girbin bana, sai aka ɗora mini aikin cire tsohon daga hotuna 140 a sa sabon. Na yi aikin da ImageMagick, manhaja ta kyauta da ba a sarrafa ta da linzami, sai dai mutum ya rubuta mata umarni. Ta biya mini buƙata a yawancin hotunan, amma akwai waɗanda ba aikinta ba ne.

Hotunanmu iri biyu ne. A guda 112, tambarin yana kusurwar dama ta ƙasa, an ɗora shi a kan farin bango bayan an ɗauki hoton. A sauran 28 kuwa, bugawa aka yi a jikin buhun kansa. Kafin na taɓa komai, na duba girman kowane hoto, domin manhajar tana aiki ne da lissafin wuri, kuma idan girma ya bambanta, tambarin zai faɗa inda ba a nufa ba:

```
magick identify -format "%f %wx%h\n" *.jpg
```

Yawancinsu fiksil 1600 ne a faɗi da tsawo, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, sai tara da suka fi ƙanƙanta, waɗanda na ware na yi musu nasu lissafin. Su ma hotuna 28 ɗin na ware su gefe. Daga nan na buɗe folda mai suna `sabo`, inda hotunan da aka gyara za su shiga, na rubuta umarnin da zai shafe tsohon tambari da farin murabba'i, ya ɗora sabon a kansa:

```
magick mogrify -path sabo -fill white -draw "rectangle 1250,1420 1599,1599" -draw "image over 1280,1450 0,0 'tambari.png'" *.jpg
```

Lambobi huɗu na farko su ne kusurwoyi biyu na murabba'in, ana ƙirgawa daga hagu ta sama, sannan `0,0` na nufin a bar tambarin a ainihin girmansa. Wurin da ya kamata a yi taka-tsantsan shi ne `-path`, saboda idan aka manta da shi, `mogrify` a kan hotunan asali yake rubutu, kuma ba a dawo da abin da ya shafe. Kafin shayin da na zuba ya huce, hotunan sun kammala.

Gwajin farko bai yi kyau ba, kuma laifina ne. Mai zanen ya turo mini tambarin ta waya a matsayin hoto, ya iso a JPG, wanda ba ya riƙe bango mai nuna abin da ke bayansa, gefen haruffan kuma ya yi dishi-dishi. Na kira shi na ce, "Malam, don Allah a sake turo mini na PNG, a turo shi a matsayin fayil," sai wannan matsala ta kau. Ta biyun ta fi wuyar ganewa. A wasu hotunan bangon ba fari tas ba ne, yana da ɗan toka-toka, don haka murabba'in da na zana ya fito kamar faci a jikin riga. A kwamfutata ban lura ba, sai da na buɗe hoton a waya na ƙure hasken allo na ga iyakarsa ƙarara. Maganin shi ne a ɗauko ainihin launin bangon daga gefen tsohon tambari, a rubuta lambarsa, misali `"#F4F4F4"`, a madadin `white`. Inda inuwar buhu ta ratsa kusurwar kuwa, launi ɗaya ba ya rufewa, dole na gyara hotuna shida da hannu.

A kan hotuna 28 ɗin nan ne yabona ya tsaya. Buhun kilo 50 idan ya cika ba shafaffe ba ne: cikinsa yana turowa, saƙar ledarsa tana bayyana ta cikin fenti, haske kuma ya fi ƙarfi a gefe ɗaya. Manhajar tana da `-distort Perspective` na karkata tambari ya bi kwanciyar buhu, amma kowane hoto sai an auna masa kusurwoyinsa huɗu, wanda ke nufin amfanin yin su a tare ya tafi. Na gwada uku, kuma duk wanda ya taɓa sayen shinkafa a kasuwa zai gane liƙawa aka yi. Ga kuma abin da ya fi damuna: dillali a Jega ko Argungu zai ga sabon tambari a hoto, a sauke masa kaya da tsohon. Na shaida wa Alhaji, maigidan kamfanin, haka, muka yanke shawarar barin waɗannan har sai sababbin buhuna sun iso daga wurin masu bugawa, sannan a sake ɗaukar su.