Jadawalin yankan rodin bim: wanne za ka saya, wanne za ka guda

Mai ginin da ya kai matakin zuba bim yana da hanyoyi huɗu na sanin yawan rodin da zai saya da tsawon da za a yanka kowanne. Zai iya barin mai ɗaurin rodi ya ƙiyasta da ido. Zai iya sauke shirin Excel na kyauta daga intanet, ko ya biya kuɗin babbar manhajar zane. Ko kuma ya biya injiniya ya zauna da zanen ginin ya fitar da jadawali rodi bayan rodi bisa BS 8666, ƙa'idar Birtaniya ta yanka da lanƙwasa rodi. Ni ta ƙarshen nake bi, kuma ita nake ba kowa shawara.

Manhaja ta manyan kamfanoni ce masu bene goma, kuɗinta ya fi ƙarfin gida mai bim huɗu. Ƙiyasin ido kuwa, mai ɗaurin rodi gwani ne a hannu, amma ba da kuɗinsa ake sayen abin da ya yi saura ba.

Ga abin da jadawalin kirki yake yi. Ɗauki bim mai faɗin milimita 230 da zurfin 450, tsakanin fila biyu da ke da tazarar mita 4, kowace fila mai kaurin 230. Tsawon bim daga baki zuwa baki ya zama 4460. Zane ya ce rodi uku na Y16 a ƙasa, kowanne da ƙafa mai tsawon 300 a ƙarshensa biyu, ringi na Y10 duk bayan 200, sannan kankaren da zai rufe ƙarfe ya zama 25 ta ko'ina.

A fara da rodin ƙasa. Cire 25 a kowane baki, miƙaƙƙen ɓangaren ya zama 4410. Ƙara ƙafafu biyu, an sami 5010. Da yawa a nan suke tsayawa, alhali ba a gama ba. Zane yana auna rodi ta bayansa kamar kwanarsa mai kaifi ce, shi kuwa ƙarfe zagaye yake yi idan an lanƙwasa shi, ya yanke hanya. Don haka a kowace kwana ta digiri 90 ana rage rabin gwiwar lanƙwasa da kaurin rodi ɗaya:

```
L = A + B + C - r - 2d
```

A nan L tsawon yanka ne, A da C ƙafafu biyu, B miƙaƙƙen ɓangaren, d kaurin rodi ne, r kuma gwiwar lanƙwasa ta ciki, wadda ƙa'ida ta sa ninki biyu na d ga rodin da bai wuce 16 ba. Ke nan r ya zama 32, ragin kwana biyu ya zama 64, tsawon yanka 4946, a rubuta 4950. Wanda bai rage ba, ko dai ƙafar ta yi tsawo ta leƙo saman bim, ko rodin ya tokare katako ya cinye kankaren da zai kare shi daga tsatsa. Abin lura kuma, maganar nan da ake yawan yi cewa a rage d biyu a kowace kwana gaskiya ce har zuwa 16 kawai. Daga rodin 20 gwiwar ta koma d uku da rabi, ragin kowace kwana ya zama 55 maimakon 40.

Wani abin da ya sa na fi son wannan hanya shi ne tana faɗa maka sanda nawa za ka saya, ba nauyi kaɗai ba. Sandar rodi mita 12 ce. Bim huɗu irin wannan suna buƙatar guntu 12, jimlar mita 59.4. Wanda ya raba da 12 zai ce sanda biyar ta isa. Amma guntu biyu kawai ke fita daga kowace sanda, a bar ragowar mita 2.1, don haka sanda shida ake buƙata. Gara ka san haka tun kana Ƙofar Ruwa ko Dei-Dei, da a ce sai ranar ɗauri ka sake biyan mota saboda sanda ɗaya. Jadawalin kirki har wurin da ragowar za ta shiga yake nunawa, misali lintal ɗin taga.

Shirye-shiryen Excel na kyauta su ne suka fi ba ni tsoro, domin suna da kyan gani kuma lambobinsu suna fitowa tsaf. Ringi ne ke tona asirinsu. Ringin bim ɗinmu 180 ne a 400 ta waje, zagayensa 1160. Yawancin waɗannan shirye-shirye sai su ƙara ƙugiya biyu ta d goma-goma, wato 200, su rage d biyu a kwana uku, su kuma rage d uku a kowace ƙugiya mai digiri 135. Amsa ta fito 1240. To ka bi tsakiyar ƙarfen ka auna: gefuna huɗu da lanƙwasa biyar kaɗai sun cinye kusan 1156. Abin da ya rage wa jelar kowace ƙugiya bai wuce milimita 42 ba, maimakon 100 da aka yi alkawari. Na taɓa zuwa wani aiki da ɗan kwangila ya kawo irin wannan takarda, aka yanka ringin gida guda da ita, jelar ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba, duka aka ajiye su gefe. Jelar nan ita ke riƙe ringi cikin kankare kada ya buɗe idan nauyi ya hau. Lissafin ringi a BS 8666 shi ne:

```
L = 2(A + B + C) - 2.5r - 5d
```

A nan A da B faɗi da tsayin ringi ne, C kuma awon ƙugiya ta waje. Idan C ya zama 130, tsawon yanka 1320 ne, jela ta kai wajen 80. In zane ya nemi cikakken d goma a miƙe, a yanka 1360. Abin dariyar ma, gajartawar ba ta ceci ko kwabo ba: 1240 da 1320 duk ringi tara suke bayarwa a sanda. Kowane bim yana cin ringi 21, bim huɗu 84, sanda goma ke nan.

Ko da jadawali ya yi daidai, kasuwa na iya rusa shi. Akwai rodin da ake kira 16 amma kaurinsa 15 ne, kuma wannan milimita ɗaya ta tafi da kusan kashi 12 cikin ɗari na ƙarfen. Ido ba ya gane shi, awon kauri ma yana ruɗi saboda ƙurajen jikin rodi. Sikeli ne ba a yaudara. Ka sa a yanko mita ɗaya a ɗora: rodin 16 ya kai kilo 1.58, na 12 ya kai 0.89, na 10 kuma 0.62. Lissafin shi ne kauri sau kauri a raba da 162. In ya gaza da fiye da kashi 5 cikin ɗari, bar shi komai sauƙin kuɗinsa. Sai tsawo. Ana kawo rodi a naɗe biyu, ba kowa ke ja masa tef ba, kuma akwai sandar da ke tsayawa a mita 11.5. A irin wannan ringi takwas ne za su fita maimakon tara, sanda goma ta koma sha ɗaya. Wasu ma sukan jera na kirki a sama, marasa kauri a cikin dami, shi ya sa nake zaɓar sandar gwaji da kaina daga tsakiya, kuma a sake ƙirgawa lokacin saukewa.

Shi ma injiniyan da za ka biya, ka duba takardarsa. Kowane rodi ya zo da lambarsa, kaurinsa, hoton siffarsa da awon kowane gefe, tsawon yanka, adadi, da yawan sanda. In jimlar tan kawai ya rubuto maka, ƙiyasin ido ne aka buga da inji. Kafin a yanka sauran, mai ɗaurin rodi ya lanƙwasa ringi ɗaya da rodin ƙasa ɗaya a kan bencinsa, a saka su cikin katako a auna, domin fegin da yake lanƙwasawa a kai ba lallai ya yi daidai da gwiwar da aka yi lissafi da ita ba.