Mai farfela da jet: P-51 da Me 262

A 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta fito da Me 262, jirgin yaƙi mai injin jet biyu, yana gudun kilomita 870 a awa. P-51 Mustang na Amurka mai farfela ne, da ƙyar yake wuce 700.

A ganina gudun nan ne ya sauya salon faɗa. Mustang ya fi saurin juyawa, don haka matuƙin Me 262 ba ya yarda a yi zagaye da shi. Daga sama yake sulalowa, ya ɓarke wa jiragen bama-bamai wuta da bindigoginsa huɗu masu milimita 30, ya wuce abinsa.

Amma injin Me 262, Jumo 004, yana da nawa wajen ɗaukar gudu, in aka matsa masa farat ɗaya sai ya mutu. Amurkawa suka gano lagonsa, suka riƙa yi masa kwanton ɓauna a filayen jirgi, suna harbo shi yana sauka.