"Tunatarwa", "GAGGAWA", ko taken da ya faɗi abin da ake so

"Na tura wa shugaban sashenmu imel mai taken 'Tunatarwa', ina son ya sa hannu a kasafin kuɗin horo kafin Alhamis, har yau shiru. In sake turawa da 'GAGGAWA!!!' ne, ko yaya zan yi?"

Ɗan'uwa, taken nan biyu ciwonsu ɗaya ne. Mutumin da ya tarar da saƙonni fal a akwatinsa, take kawai yake bi da ido yana zaɓen na buɗewa, kuma abu uku yake nema: me ake so in yi, a kan me, zuwa yaushe. "Tunatarwa" bai faɗi ko ɗaya ba. "GAGGAWA!!!" ya ɗaga murya ne kurum, domin gaggawar awa biyu da ta kwana uku duk sunansu gaggawa. In kuwa ka saba liƙa ta a kowane saƙo, ranar da abin ya zama na gaske ba wanda zai motsa.

Ga gyara iri biyu, ka dube su tare:

Na farko: Dangane da batun kasafin kuɗin horon ma'aikata da ke jiran sa hannu kafin Alhamis

Na biyu: Sa hannu: kasafin horo, kafin Alhamis 14 ga wata

Duka sun ƙunshi abubuwa ukun nan, amma na biyun zan ɗauka, saboda waya. Allon waya yakan datse take bayan haruffa 30 zuwa 40, gwargwadon faɗinsa da manhajar da ake amfani da ita. Na farkon zai yanke wajen kalmar "horon", ke nan shugaba zai ga batun, amma sa hannun da wa'adin sun faɗa cikin ɓangaren da aka datse, sai ya ɗauka bayani ne da zai karanta in ya sami sarari. "Dangane da batun" kaɗai ya cinye haruffa 16 ba tare da ya faɗi komai ba. Na biyun kuwa ko an datse shi a "Alhamis", saƙon ya riga ya isa.

Kada ka rubuta "gobe" a take. In aka buɗe saƙon washegari, goben ta zama wata rana daban, shi ya sa na sa kwanan wata. In kana ganin "Sa hannu" ya yi kama da umarni ga na gaba da kai, rubuta "Neman sa hannu", gaisuwa da ban girma kuma su zauna cikin saƙon.

Wajen sake turawa, in ka danna `Reply` a kan tsohon saƙon, zai fita da "Re: Tunatarwa", kuma fayil ɗin kasafin ba zai biyo shi ba. Buɗe sabon saƙo, sa sabon taken, ka sake maƙala fayil ɗin don kada ya koma neman sa a na baya.